Yadda muka gyara taken bidiyon wainar shinkafa har masu nema suka fara samun sa

Bidiyon na waina ne, wainar shinkafa, tsawonsa wajen minti goma sha ɗaya, kuma wadda ta yi shi yayata ce da ke Zariya, sana'arta kenan tun kafin ta san akwai wani abu wai shi YouTube. A ciki ta nuna komai, tun daga jiƙa shinkafar tuwo ta kwana, da ɗan abin da ake dafawa a haɗa kafin a kai niƙa, da albasa da yis, da yadda ƙulli yake in ya tashi, har zuwa wajen da yawancin mata ke shan wahala wato tanda, yadda za ki bari ta yi zafi kafin ki zuba mai, da yadda ake yi wa sabuwar tanda kada waina ta liƙe ta farfashe wajen juyawa. Aiki ne mai kyau tsakani da Allah. Amma in ka cire 'yan uwa da kwastomominta da ta tura wa link a WhatsApp, kusan babu wanda ya kalla.

Taken da ta sa da farko shi ne:

"Assalamu alaikum yan uwa ku zo ku ga abin da na hada yau a kicin dina"

Sallama abu ne mai kyau kuma ba wanda zai ce a daina, amma muhallinta bakin mai magana a cikin bidiyo. A take kuwa wannan "Assalamu alaikum yan uwa" kaɗai ta cinye gurbi 24 in ka ƙirga har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, alhali duka-duka gurbi 100 YouTube ya ba ka, kuma a waya ma ba duka ɗarin ake nunawa ba, layi biyu ne sai a datse a sa ɗigo-ɗigo, ya danganta da faɗin wayar da girman rubutun da mutum ya saita, galibi dai abin da ya haura sittin zuwa saba'in ya fara shiga haɗari. Babbar matsalar ma ba tsawon ba ce. Duba taken daga farko har ƙarshe, babu kalmar waina a ciki ko sau ɗaya. Matar da ke Gusau ko Maraɗi da tandarta ke kama mata waina ta ɗauki waya ta rubuta abin da take nema, ta ina YouTube zai san wannan bidiyon nata ne? YouTube da kansa ya faɗa a shafukansa na taimako cewa wajen jera sakamakon bincike yana duba yadda take da bayanin ƙasa da abin da ke cikin bidiyo suka dace da abin da mutum ya rubuta, sannan ya duba yadda mutane ke kallon bidiyon in sun shigo. To a nan matakin farkon ma ba a tsallake ba.

Kafin maganar ta zo gare ni babban ɗanta ya riga ya sa hannu, yaro ne mai son taimakon mamansa kuma ya ji ana cewa a zuba kalmomin da mutane ke nema a take, shi kenan sai ya zuba:

"Waina Masa Yadda ake waina Yadda ake masa Wainar shinkafa Masa recipe Hausa food Girke girke 2024"

Gurbi 97 cif. A nan ne zan ɗan tsaya, dan wannan kuskuren ya fi na farko yawa a tashoshin Hausa yanzu, kuma masu yin sa gani suke gyara suka yi.

Karanta shi da ƙarfi ka ji. Ba wanda zai faɗa wa maƙwabciyarsa wannan jerin, ba magana ba ce, tarin kalmomi ne. Ka ɗauka a tasha ɗan kamasho ya tsaya kan mota ɗaya yana kiran Kano, Katsina, Sakkwato, Jos, Bauchi duk a lokaci guda, ai ko mai zuwa Kanon ma sai ya ja baya ya nemi motar da ake kiran Kano kawai. Mai bincike haka yake, idonsa na gudu a kan sakamako biyar shida, yana neman wanda ya yi masa alkawarin abu ɗaya takamaimai, in ya ga take yana maimaita waina waina sai ya ɗauka irin tashoshin nan ne masu kwaso bidiyon wasu su sake ɗorawa. Kuma maimaita kalma sau uku ba ya sa bidiyo ya ninka dacewa sau uku, in ta fito sau ɗaya an riga an gane. Sauran maimaicin gurbi kawai yake ci, gurbin da ya kamata a faɗi abin da ya bambanta wainar Yaya da ta sauran mutane.

Sannan akwai abin da yaron bai lura ba game da kalmomi biyun da ya sa a gaba. "Waina" ita kaɗai ba ta faɗi wace iri ba, akwai wainar fulawa, akwai wainar ƙwai, akwai ta rogo, akwai ta gero, wanda ya shigo neman wainar fulawa ya tarar ana jiƙa shinkafa cikin sakan goma zai fice, kuma wannan ficewar ana ganin ta a lissafi. "Masa" kuwa ta fi rikici, a Hausar kanta kalma ce da ke cikin dubban jimloli, na faɗa masa, na kai masa, a Sifaniyanci kuma sunan ƙullin masara ne da ake girki da shi a Meziko, bidiyoyinsu na nan birjik. In ka dogara da ita tsurarta a farkon take ka shiga kasuwar da ba taka ba. Shekarar 2024 da ya liƙa a ƙarshe ita ma ba ta da aiki a nan. Shekara tana da amfani a bidiyon da abinsa ke canzawa, kamar yadda ake cike fom ɗin jarrabawa ko farashin waya, amma waina yadda ake yin ta bara haka ake yin ta bana, illa ma in shekara ta juya taken ya koma kamar tsohon kaya.

Abin da muka fara yi ba rubutu ba ne, saurare ne. Na karɓi wayarta na shiga manhajar YouTube na kunna Incognito, dalili kuwa shawarwarin da ke fitowa ƙarƙashin akwatin bincike suna gauraye da abin da mai wayar ya saba nema, ita kuma kullum bidiyon girki take kallo. Sai na fara rubuta "yadda ake wain" na tsaya, ban ƙarasa ba, na bar YouTube ya ƙarasa da kansa. Waɗannan shawarwarin daga abin da mutane suke rubutawa ake samo su, shi ya sa suka fi duk wani hasashe da za mu zauna mu yi. Muka gwada da "yadda ake hada wain", muka gwada "wainar", muka gwada "masa" da "yadda ake masa". Abin da ya fito fili shi ne masu nema da Hausa da tambaya suke farawa, yadda ake kaza, kuma suna rarrabe wainar shinkafa da ta fulawa da kansu. Na leƙa Google Trends ma, shafin da ke nuna yawan neman da ake yi wa kalma, akwai wajen da za ka zaɓi YouTube Search ka sa ƙasa Najeriya, amma jimlolin Hausa masu tsawo sau da yawa cewa zai yi bayanan ba su isa ba, dan haka ban ɓata lokaci a can ba.

Daga nan na tambaye ta, na ce Yaya, in mace ta tare ki a gidan biki tana so ki koya mata, me take cewa? Ta ce ai kullum magana biyu ce, ko ta ce tata tauri take yi, ko ta ce kama mata tanda take. Wannan amsar ita ce ta zama rabi na biyu na sabon taken, kuma ba a akwatin bincike muka samo ta ba, daga bakin masu matsalar ta fito. Muka kuma buɗe bidiyoyin da suka fito a saman sakamako muka karanta takensu, yawanci sun tsaya a yadda ake waina kawai, ba wanda ya taɓo maganar tanda. Ga abin da muka tsayar:

"Yadda ake wainar shinkafa mai laushi, ba ta kama tanda"

Gurbi 54. Jimlar da ake nema, yadda ake wainar shinkafa, ta ƙare a gurbi na 25, kenan ko a ƙaramar waya aka datse taken ba za a taɓa ta ba. Sau ɗaya ta fito. Abin da ya biyo bayanta ba wata kalmar bincike ba ce aka liƙa, dalili ne da zai sa mace ta zaɓi wannan ta bar na sama da shi. Kuma in ka karanta da ƙarfi magana ce da mutum zai iya faɗa, wannan shi ne gwajin da na fi yarda da shi.

Mun ɗan yi ja-in-ja a kan masa. Yaya ta ce mutanen Bauchi da Jos da 'yan zango a Gana masa suke cewa, kuma tana da kwastomomi 'yan can, ba ta so a bar su a baya. Gaskiyarta ce, wannan ba maimaici ba ne, suna ne na biyu da wasu mutane daban ke amfani da shi, wanda bai saba cewa waina ba zai iya wuce bidiyon. Sai muka ba ta gurbi ɗaya, a bayan babbar jimlar ba a gabanta ba:

"Yadda ake wainar shinkafa (masa) mai laushi, ba ta kama tanda"

Ya koma gurbi 61, har yanzu yana karantuwa lafiya. Da ta ce a ƙara sinasir tunda ƙullin kusan ɗaya ne sai na ce a'a Yaya, ba ki soya sinasir a bidiyon nan ba, duk wadda ta shigo dan sinasir za ta ji an yaudare ta, kuma YouTube na da doka a kan take ko bayanin da ke nuna abin da babu shi a ciki. Sinasir ya jira nasa bidiyon.

Wani abu da ya shafe mu mu masu rubuta Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Mafi yawan mutane a waya "hada" suke bugawa ba "haɗa" ba, wasu "yanda" suke rubutawa maimakon "yadda", wasu su haɗe "yaddaake". Taken da muka zaɓa ya zo da sauƙi dan babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa kwata-kwata, shi ya sa ma na fi son "yadda ake wainar" a kan "yadda ake haɗa wainar", ya fi gajarta kuma ya kauce wa matsalar. Sauran rubuce-rubucen kuwa, yanda ake waina, yadda ake hada masa, muka zuba su a Tags, wato gurbin da mai bidiyo ke jera kalmomin da suka shafi bidiyonsa, daban da take. YouTube ya faɗa ƙarara cewa Tags ba su da wani tasiri sosai wajen gano bidiyo sai dai in abin da ake nema ana yawan kuskuren rubuta shi, to ka ga mu wannan keɓancewar ta same mu daidai. Bayanin ƙasa kuma yana ɗaukar har gurbi 5,000, a nan muka rubuta jimla biyu na farko da cikakkiyar Hausa, cewa wannan bidiyo ne na wainar shinkafa wadda wasu ke kira masa, daga jiƙo har suya, sannan jerin kayan haɗi, sannan layi ɗaya da Turanci dan waɗanda ba sa jin Hausa. Kusan duk abin da yaron ya cusa a take ya samu wajen zama, ba a zubar da shi ba, daga take kawai aka fitar da shi.

Hoton gaba ma mun taɓa shi amma ba a rana ɗaya ba, kuma da gangan. In ka canza take da hoto tare, lissafi ya motsa, ba za ka san wanne ya yi aikin ba. Da lokacinsa ya yi dai ba mu maimaita taken a jikin hoton ba, waina ce guda an ɓara ta biyu ana ganin ramukan cikinta, ga tanda fes a gefe. Take ya faɗi suna, hoto ya nuna shaida.

Canza take ba ya taɓa link, ba ya goge kallon da aka riga aka yi ko sharhin mutane, wannan ita ce fargabar Yaya ta farko kuma na san da yawa suna da ita. A YouTube Studio ake yi, wato wajen da mai tasha ke sarrafa bidiyoyinsa, ka buɗe bidiyon ka gyara ka adana.

Yanzu ta yaya aka san ya yi aiki? Ba da jimillar kallo ba, dan ranar da ta sake tura link a guruf ɗin 'yan uwa adadin zai tashi ko da taken bai canza ba. Wajen da ake dubawa shi ne Analytics, wato lissafin wannan bidiyon a YouTube Studio, sashen Reach, inda aka rarraba ta ina masu kallo suka shigo. Kafin gyara kusan komai External ne, wato WhatsApp. Layin YouTube search shi muke sa wa ido, kuma a ƙarƙashinsa ana nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta suka iso. Lissafin yakan yi jinkirin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma in masu shigowa sun yi kaɗan ƙwarai ba ya nuna kalmomin ma sam, dan haka duba shi da safe da yamma tayar da hankali ne kawai, a ba shi sati biyu ko fiye. A zamanin take na farko wajen a bushe yake. Bayan gyara kalmomi suka fara bayyana, kuma waɗanda muke so ne, wainar shinkafa, yadda ake waina, har da masu rubuta masa. Abin da ya fi faranta min rai ma shi ne tambayoyin da suka fara zuwa daga matan da ba ta sani ba, wata na tambayar ko tandar ƙarfe ma haka ake mata ko sai ta ƙasa, ka ga wannan mai matsalar tanda ce ta gaske ta iso.

Akwai adadi guda da ke ruɗa mutane a nan, Impressions click-through rate, wato cikin sau nawa aka nuna hoton bidiyon sau nawa aka danna. A ce an nuna sau 1,000 mutum 40 suka danna, kashi 4 cikin 100 kenan. YouTube ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100. Abin lura, lokacin da mabiyanta kaɗai ake nuna wa bidiyon wannan kason yana iya zama babba dan sun san ta, da aka fara nuna wa baƙi sai ya sauka, kuma saukar ba alamar take ya lalace ba ce, mutanen da ake nuna wa ne suka ƙaru. Danna link daga WhatsApp kuma ba ya shiga wannan lissafin kwata-kwata. Shi ya sa ake karanta shi tare da yawan nunawar, ba shi kaɗai ba. In nunawa a bincike ta yi ƙasa sosai, a sake duba ko jimlar da aka zaɓa ita mutane ke rubutawa. In ana nunawa amma ba a dannawa, rabin take na biyu ko hoto ne ke da rauni. In ana dannawa ana ficewa da wuri, to take ya yi alkawarin da farkon bidiyo bai cika ba.

Wannan na ukun ya same mu. A sashen Engagement akwai zanen da ke nuna inda mutane ke ficewa, sai muka ga layin ya gangaro sosai a minti na farko, dalili kuwa Yaya ta shafe fiye da minti ɗaya tana gaisuwa da godiya ga mabiya kafin a ga ko ƙwayar shinkafa. 'Yan uwa za su jure wannan, amma wadda ta shigo daga bincike da 'yar datar da ta saya ba za ta jira ba. Tun 2012 YouTube ya karkata ga tsawon lokacin da ake kallo maimakon yawan dannawa kawai, dan haka take mai kyau a kan farkon da ke jan ƙafa ba zai kai bidiyo nesa ba. A kwamfuta YouTube Studio na da Editor da ake iya yanke wani ɓangare ba tare da an sake ɗorawa ba, da shi muka rage gaisuwar, aka bar sallama da jimla ɗaya sai aiki.

Ya kamata in faɗi iyakar abin kuma, kada wani ya ɗauka duk bidiyo haka ake masa. Wannan tsarin na bidiyon da ake nema ne, girki, gyaran waya, ɗinki, darasi, abin da mutum ke da tambaya ya zo neman amsa. Bidiyon hira ko na zagayen kasuwa ba wanda ke rubuta sunansa a akwatin bincike, shi ta shafin farko da shawarwarin gefe yake samun mutane, a can jan hankali ya fi jimlar bincike nauyi. Sannan masu nema da Hausa ba su kai masu nema da Turanci yawa ba, bidiyon Yaya bai fashe ba kuma ban yi tsammanin zai fashe ba, shigowa ce kaɗan-kaɗan amma ba ta yankewa, tana ƙaruwa in azumi ko sallah ta gabato lokacin da ake yawan neman girki.

Da ta zo yin na sinasir ita ta rubuta takenta da kanta, ta turo min: "Yadda ake sinasir mai kyau da dadi sosai". Gabansa daidai ne, amma na ce mata Yaya, mai kyau da daɗi kowa haka yake cewa nasa, me mata ke kuka da shi a sinasir? Ta ce ƙasa ya ƙone sama bai nuna ba, dan ba a juya shi, rufewa ake yi. Sai ta mayar da shi "Yadda ake sinasir ya nuna har sama bai kone ba", sunan tasharta da lambar fitowa kuma ta bar su a bayanin ƙasa.